Wuta a Unity: ƙwayoyi da yawa ko filifbuk?

"Ina haɗa wutar itace a Unity don wasan waya. Wanne ya fi, in zuba ƙananan ƙwayoyi masu yawa, ko in yi amfani da filifbuk?"

Malam, lissafi ɗaya ne ya raba hanyoyin biyu: adadin ƙwayoyin Particle System da ke raye a lokaci guda shi ne Rate over Time sau Start Lifetime.

A hanyar farko, hoto ɗaya ne mai laushin gefe ake maimaitawa, saboda haka yawa ne ke samar da siffar harshen wuta. Idan ka sa 80 a daƙiƙa, kowace ƙwaya tana rayuwa daƙiƙa 1, to kusan 80 ne ke kwance a kan juna. A nan lanƙwasoshi ne ke ɗaukar nauyin aikin. Size over Lifetime zai kumbura da wuri sannan ya tsuke har zuwa sifili, abin da ke ba wutar tsini ke nan, Color over Lifetime kuma ya tashi daga rawaya mai haske zuwa ruwan lemo, ya ƙare da ja mai dusashewa. Matsalar ita ce Additive, salon haɗa launi da aka saba sa wa wuta, yana tara hasken kowace ƙwaya a kan ta ƙarƙashinta, sai gindin wutar ya koma fari fat, kuma waya tana zana fiksel ɗaya sau da dama har ta ɗau zafi. Duban Overdraw zai nuna maka wurin yana ƙyalli.

Filifbuk kuwa, wato firam-firam na wuta da aka jera a hoto ɗaya ana nuna su bi da bi, motsin yana cikin hoton tun asali, shi ya sa ƙwaya 6 a daƙiƙa masu rayuwar daƙiƙa 1.5, wato 9 kacal, za su iya wadatarwa. Ka ɗauki hoto mai fiksel 1024 da aka yanka 8 sau 8 a Texture Sheet Animation: firam 64 ke nan, kowanne fiksel 128, kuma zagaye ɗaya zai gudana a kusan firam 43 cikin daƙiƙa. Da ka ja rayuwar zuwa daƙiƙa 4, ya faɗo 16, sai ka ga wutar tana tsalle-tsalle. Fiksel 128 ɗin ma yakan dushe idan kyamara ta matso. Tun da launin yana cikin hoton, kuma Color over Lifetime ninka shi yake yi, ka bar shi fari, ka taɓa Alpha kawai: ya fara daga sifili, ya cika da wuri, ya sauka a ƙarshe, don kada ƙwaya ta ɓullo ko ta ɓace kwatsam. Idan filifbuk ɗin mai zagayawa ne, ka bar Start Frame ya zama na kan-mai-uwa-da-wabi, in ba haka ba duka za su riƙa rawa iri ɗaya.

A waya ni filifbuk zan zaɓa don jikin wutar, in bar ƙananan ƙwayoyi ga tartsatsi. Hayaƙi kuma ka ba shi nasa tsarin da Alpha Blended, domin a Additive baƙi ba ya ƙara komai, ba zai ma fito ba.