CT ko MRI: me ya sa aka yi wa Baba biyun?

"Salamu alaikum. Mahaifinmu ne hannunsa da ƙafarsa na dama suka saki farat ɗaya, maganarsa ta sarƙe. A asibiti aka yi masa CT aka ce ba a ga komai ba, washegari aka yi MRI aka ga ciwon a ƙwaƙwalwa. To me ya hana a yi MRI tun farko, tunda ya fi gani? Mene ne ma bambancinsu?"

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Malam, CT ɗin da aka ce bai nuna komai ba ya yi aikin da aka aike shi. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Ko dai gudan jini ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa, wanda shi ne mafi yawa, wajen kashi 85 cikin 100, ko kuma jijiya ta fashe jini ya zuba. A ido, mai wannan da mai wancan duk ɗaya suke: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta gagara. Magani kuwa hannun riga ne. Mai toshewa ana iya yi masa allurar da ke narkar da gudan jini, ko a ba shi asfirin. Idan aka ba mai zubar jini wannan magani, an ƙara masa ciwo, yana ma iya rasa ransa. Shi ya sa tambayar farko da likita ke neman amsarta a daren ita ce: akwai jini a kan nan ko babu? Allurar narkarwar kuma tana da wa'adi, a ƙa'ida awa 4 da rabi daga lokacin da ciwon ya fara. Duk mintin da aka ɓata, ana asarar wani sashe na ƙwaƙwalwa da ba ya dawowa.

CT hoton eksire ne, irin wanda ake ɗauka a karaya, sai dai injin yana kewaya mutum yana haska shi ta kowace kusurwa, kwamfuta ta harhaɗa hoton jiki yanka-yanka. Abin da yake aunawa ɗaya ne: yadda kowane sashe ke tare hasken. Ƙashi na tarewa sosai, sai ya fito fari tas. Iska ba ta tarewa, sai ta fito baƙa ƙirin. Akwai ma'aunin da aka sa wa sunan Godfrey Hounsfield, injiniyan Birtaniya da aka fara ɗaukar hoton mara lafiya da na'urarsa a Landan a 1971. A ma'aunin, ruwa 0 ne, iska -1000, naman ƙwaƙwalwa tsakanin 20 da 40, jinin da ya zuba ya daskare kuma wajen 50 zuwa 80. Wannan tazarar ce ke sa sabon jini ya fito fari a tsakiyar toka-tokan ƙwaƙwalwa, ko likitan da bai daɗe da fara aiki ba zai gan shi. Ɗaukar hoton kanta daƙiƙoƙi ne, shiga da fita duka ba su wuce mintuna kaɗan ba.

Sashen da jini ya daina isa gare shi fa? A awannin farko kusan bai canza ba ta fuskar tare haske. Sai ya sha ruwa ya kumbura sannan yake yin duhu a CT, abin da kan ɗauki awanni, wani lokaci yini guda. Idan ciwon ƙarami ne, ko yana can ƙasan ƙwaƙwalwa wajen ƙeya inda ƙashi mai kauri ke ɓata hoto, yana iya ƙin fitowa sam. Don haka "ba a ga komai ba" a bakin likita a wannan dare na nufin ba a ga jini ba, ba a ga ƙari ba, ana iya ci gaba da maganin toshewa. Da ma haka aka fassara muku, da hankalinku ya fi kwanciya. Likitoci na da laifi a nan, sukan taƙaita magana fiye da kima.

MRI wata hanya ce daban, babu eksire a cikinta ko kaɗan. Mutum na kwanciya a cikin ƙaton maganaɗisu, galibi mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3, wato ya ninka maganaɗisun duniya sau dubbai masu yawa. Jikinmu yawanci ruwa ne, ruwa kuma na ɗauke da sinadarin haidirojin. Maganaɗisun na jera ƙwayoyin haidirojin su fuskanci gefe guda, injin ya tura musu igiyar rediyo ta karkatar da su, sannan ya saurari siginar da suke fitarwa yayin da suke komawa yadda suke. Kitse, nama, ruwan ƙwaƙwalwa, wurin da ya kumbura, kowanne da saurin komawarsa. Daga nan bambancin launi ke fitowa, shi ya sa abubuwa biyu masu laushi da CT ke nunawa da toka iri ɗaya, MRI na raba su.

Ba kuma hoto ɗaya ake ɗauka ba. Ana jera salo-salo, kowanne na neman wani abu, kowanne na cin mintunansa. Idan ka duba takardar sakamakon Baba, da alama za ka ga an rubuta DWI. Wannan salon na duba yadda ruwa ke yawo a cikin nama. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da jini ya yanke musu sukan kumbura su maƙale ruwan, sai wurin ya yi haske a hoton cikin mintuna da faruwar abin, ko da bai fi ƙwayar ido girma ba. Tunda ɓarin dama ne ya saki har da magana, ina kyautata zaton a ɓarin hagu aka ga hasken, domin jijiyoyin motsi na tsallakawa ne daga wannan gefe zuwa wancan, cibiyar magana kuma a hagu take ga yawancin mutane.

To me ya hana a fara da shi? MRI ma yana ganin jini, wannan gaskiya ne, akwai kuma asibitocin da ke farawa da shi. Matsalar ita ce abin da yake nema daga mara lafiya. Yakan ɗauki minti 20 zuwa 45, a cikin rami mai matsi, da ƙara kamar ana buga guduma, kuma dole mutum ya kwanta ƙyam. Motsi kaɗan ya ɓata hoton. Dattijon da ya rikice, yana fizge-fizge ko yana amai, ba zai iya ba. Sannan maganaɗisun a kunne yake dare da rana, ko ba a ɗaukar hoto. Tukunyar iskar numfashi ta ƙarfe, keken mara lafiya, almakashi, duk yana iya fizgo su da ƙarfin da zai kashe mutum. Kafin a shigar da kowa sai an tabbatar ba ya ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya, ko na'urar ji da ake dasawa a kunne, ko matsen ƙarfe a jijiyar ƙwaƙwalwa, ko ɓarɓashin ƙarfe a ido irin wanda masu walda kan samu. Na'urori da yawa na zamani an ƙera su yadda za su iya shiga, amma sai an san samfurinsu. Mutumin da maganarsa ta sarƙe, wa zai ba da wannan amsa da tsakar dare? CT bai damu da duk wannan ba, iyakaci ƙarfe ya ɗan ɓata hoton wurin da yake.

Washegari tambayar ta canza. Yanzu ana son sanin ainihin inda ciwon yake, girmansa, sabo ne ko tsoho, ɗaya ne ko a warwatse. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne: ƙananan tabo a ɓarin dama da na hagu lokaci guda kan sa likita ya zargi zuciya, cewa daga can gudajen jinin ke tasowa, sai a bincike ta, maganin da za a ɗora mutum a kai ma ya iya canzawa. Akwai kuma yanayin da MRI ke shiga gaba ko a gaggawa, kamar wanda ya farka daga barci da ciwon ba a san lokacin da ya fara ba. Idan DWI ya nuna ciwon amma wani salon mai suna FLAIR, wanda sai bayan awanni yake nuna ciwo, bai nuna ba tukuna, alama ce abin sabo ne, ana iya yin allurar narkarwa.

A sauran jiki ma haka lissafin yake. Haɗarin mota, faɗowa daga sama, tsakuwar ƙoda, zargin hanji ya huje ko ya toshe, duk CT ne, saboda sauri da kuma yadda yake fito da ƙashi, jini, tsakuwa da iska. Huhu ma nasa ne, domin huhu iska ce, haidirojin ɗinsa kaɗan ne, ga shi ba ya daina motsi. MRI kuwa shi ne na laka, da guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya idan ya turo ya danne jijiya, da jijiyoyin da ke ɗaure gwiwa da kafaɗa, da ƙarin ƙwaƙwalwa, da binciken farfaɗiya. Mutum ɗaya da ya karye a wuya yana iya buƙatar duka: CT ya nuna karayar, MRI ya nuna ko lakar ta taɓu.

Saura maganar illa, wadda na san tana ran mutane. Hasken CT na da ɗan haɗari, ana auna shi da milisibat. Hoton kai wajen 2 ne, kusan abin da mutum ke samu daga ƙasa da sararin sama a shekara guda, wanda matsakaicinsa a duniya 2.4 ne. Hoton ciki ya kai 8 zuwa 10. Ga dattijo mai shanyewar jiki, wannan ba abin tsayawa lissafi ba ne. Inda ake taka-tsantsan shi ne yara, masu juna biyu, da wanda za a riƙa maimaita masa hoto shekara da shekaru, a nan akan karkata ga MRI ko hoton sauti irin na awon ciki idan za su ba da amsa.

Wani lokaci akan yi allurar ruwan da ke fito da jijiyoyin jini a hoto. Na CT mai aidin ne, yakan sa mutum ya ji ɗumi ya ratsa shi da ɗanɗanon ƙarfe a baki na ɗan lokaci. Na MRI mai gadoliniyam ne, ana kauce masa ga mai juna biyu. Duka biyun ƙoda ce ke fitar da su, saboda haka idan Baba na da ciwon ƙoda ko ciwon suga, ko wata allurar hoto ta taɓa tayar masa da borin jini, ku faɗa kafin a yi. Idan kuma kuka ji an ce za a sake yi masa CT bayan an riga an yi MRI, kada ku ɗauka an rikice ne. Wurin da ya mutu yana iya zubar da jini ko ya kumbura a kwanakin farko, musamman idan an yi allurar narkarwa, wadda a ƙa'ida akan sake hoto bayan awa 24 da yin ta kafin a fara asfirin. Idan kun ga barci ya yi masa yawa, ko ya fara amai, ko ciwon kai ya tsananta, ku sanar da ma'aikatan jinya nan take, domin waɗannan ne alamomin da ke sa a mayar da shi CT ba tare da jiran awa 24 ɗin ba.