Sautin waya ya dushe: burushi za ka saya, raga, ko sabuwar sifika?

Waya tana da sifika biyu, kuma ba tare suke lalacewa ba. Akwai ƙaramar da ke sama, wadda kake karawa a kunne lokacin kira, masu gyara suna ce mata iyafis. Akwai kuma babbar da ke ƙasa ko a baya, mai fitar da kiɗa da ƙarar kira, ita ce ringa. Kowacce tana da maganaɗisu, da siririyar waya da aka naɗe, da wata 'yar fata mai rawa wadda ke kaɗa iska. A gabanta kuma akwai raga mai ƙananan huji da aka manne da gam. Da yawa daga cikin wayoyin da ake kai wa mai gyara da kukan "ba na jin magana sosai", ragar ce ta toshe, sifikar lafiyarta ƙalau. Saboda haka kafin ka fitar da kuɗi, sai ka fara sanin ina matsalar take.

Cire rigar wayar, ka duba ko gilashin kariyar da aka manna bai hau kan tsagar iyafis ba, domin wanda ba na samfurin wayar ba yakan rufe rabinta. Kashe bulutut. Sai ka kira wani, ka saurare shi a kunne, sannan ka buɗe murya. In ɗaya ta fita tas ɗaya ta dushe, ka san wadda za ka bi. In duka biyun suna yankewa a kira amma kiɗa na fita daidai, matsalar sabis ce. A wayoyin Samsung da yawa, danna `*#0*#` yana buɗe shafin gwaji, inda `Receiver` ke gwada ta sama, `Speaker` kuma ta ƙasa.

Daga nan kunnenka ne alƙali. Sautin da ya yi ƙasa amma maganar tana fita sarai, kamar mai magana ta bayan bargo, kuma ya ɗauki watanni yana raguwa, wannan datti ne. Wanda ya dushe farat ɗaya bayan ruwan sama ko wanki, yana ɗan gurgura, ruwa ne. Wanda ke zuza ko ƙarar tsagewa da zarar ka ƙure murya, ya lafa in ka rage, fatar ta yage ko wani abu ya zauna a kanta. Shiru gaba ɗaya kuwa ya wuce batun shara.

Ga datti, abin da ya cancanci kuɗinka shi ne burushi mai laushi, busasshe. Sabon burushin haƙori na yara ya wadatar. Ka riƙe wayar ragar tana kallon ƙasa, ka riƙa sharewa a kaikaice daga gefe zuwa gefe, ba dannawa ciki ba, domin abin da ya fita ya faɗo ƙasa. Ƙurar hunturu ita kaɗai ba ta da wuyar fita. Abin da ke ba da wahala shi ne in ta haɗu da zufa da man shafawa da hoda, ta zama laka ta bushe a cikin hujin, kuma iyafis ce ta fi fama da wannan tunda ita ke gogar fuska. In ka haska tocila ka ga ragar ta yi santsi, ba ka iya rarrabe hujinta, to ta kai wannan matakin.

Nan ne ake buƙatar sinadari, nan kuma ake yawan kuskuren saye. Wanda ya dace shi ne barasar gyaran lantarki, aisofurofil mai ƙarfin kashi 99 cikin ɗari, saboda ruwan cikinta kaɗan ne kuma tana bushewa nan da nan. Mai kashi 70, ragowar 30 ɗin ruwa ne: ta yi daidai da goge bayan waya, ba ta dace da raga ba. Man wanke hannu ya fi muni, yana barin danƙo. Fetur, tina da turare kuwa suna cin gam da roba. Ko mai kyan ma ba a zuba ta. Kashe wayar, ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu a kan burushi, yarfe shi, share ragar tana kallon ƙasa, ka bar ta minti goma kafin ka kunna. In ta yi yawa takan sassauta gam ɗin da ke riƙe raga, ta kuma raunana ƙarfin ragar na tare ruwa.

Akwai kuma ƙullun shara mai kama da cingam da ake sayarwa. Yana aiki in an dangwala shi a hankali an ɗaga, yana ciro abin da burushi ya kwance. Mai tauri ya fi, domin mai ruwa-ruwa yakan narke da zafinmu ya shige cikin huji ya ƙi fitowa. Allura da tsinken sakace kuwa kyauta ne, amma su ne suka fi komai tsada: tsakanin raga da fatar sifika tazarar kaɗan ce, tsirawa ɗaya ta isa. Haka ma iskar kwamfuresa ta masu faci, tana tura ƙura ciki kuma tana iya fasa fatar.

Batun ruwa daban ne, domin a nan haƙuri ya fi saye amfani. Kashe wayar, kada ka sa caji, cire tiren sim, ka buga ta a hankali a tafin hannu sifika tana kallon ƙasa, ka ajiye ta gaban fanka a inuwa. Ba ta yini guda. Shinkafa ba ta jawo ruwa daga cikin waya fiye da yadda iska ke yi, sai ma ta bar garinta a huji, kamfanin Apple da kansa ya ce kada a yi. In dole sai ka sayi wani abu, ƙananan ƙunshin silika irin na cikin kwalin takalmi sun fi, a sa su da yawa tare da wayar a mazubi mai murfi. Rana da na'urar busar da gashi suna narkar da gam, suna kuma cutar da batir.

Manhajojin da ke kunna sauti mai kauri, galibi wajen 165 Hz, suna iya girgizo ɗigon da ya maƙale a raga, wani lokaci har ka ga ruwan ya tsattsafo. Iyakarsu ke nan. Ba sa cire laka, ba sa ɗinke fata, don haka ba abin biyan kuɗi ba ne, kuma bai kamata a kunna wayar da ta nutse don a gwada su ba. Ka kuma lura da irin ruwan. Na famfo yakan bushe sautin ya dawo. Shayi, lemo, miya da ruwan omo suna barin sukari, gishiri ko sabulu, sai fatar ta yi nauyi, ƙafafun sifikar, wato 'yan ƙarafan da wuta ke bi ta shiga cikinta, su fara tsatsa. Irin wannan kada ka jira, kai a buɗe a wanke. Rubutun IP67 a kwali yana nufin an gwada wayar tana sabuwa a zurfin mita ɗaya na minti 30 cikin ruwa mai tsabta. Wadda aka taɓa canza wa sikirin ko ta sha faɗuwa, kada a dogara da wannan lambar.

Ɗauki misalin wayar mai walda, ko mai aiki da injin gurza ƙarfe. Ringarta ta fara zuza, an share da burushi sau da dama, raga ta yi fes, zuzar tana nan. Dalili shi ne maganaɗisun sifika yana jawo garin ƙarfe ta cikin raga, ya taru a kan fatar. Burushi daga waje ba ya kaiwa wurin, ko ya kai maganaɗisun ba zai saki ba. Mai gyara zai buɗe, ya ciro ringar, ya ɗora mitar awon lantarki a ƙafafunta biyu. A ma'aunin da ake kira om, ringa mai lafiya takan nuna kusan om 8 ko ƙasa da haka kaɗan, iyafis ta gargajiya kusan om 32. In mita ta nuna haka, naɗin bai tsinke ba. Sai a duba fatar: in a buɗe take kuma ba ta huje ba, ana ɗauke garin da salatif a hankali, a sa sabuwar raga, a rufe. In garin ya riga ya huda ta, ko ringar irin ta cikin rufaffen akwatin roba ce da ba a isa ga fatar, canji ne kawai. In kuwa mita ba ta nuna komai ba, naɗin ya tsinke. Mai irin wannan sana'a ya riƙa barin wayar nesa da wurin gurza, in ba haka ba sabuwar ma hanyar za ta bi.

Idan canji ya tabbata, kasuwa irin ta Farm Centre a Kano za ta ba ka zaɓi uku. Akwai sabuwa ta kamfani daga cibiyar gyaransu, ita ta fi tsada, kuma in wayar tana cikin garanti can ya kamata ka fara zuwa, ko da yake garanti ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa. Suna ganewa ta wata 'yar farar takarda da ke komawa ja in ta jiƙe. Akwai cire, wato ta asali da aka ɗauko daga wata wayar da ta mutu. Sai kuma kwafi, mai araha, wadda sau da yawa sautinta siriri ne kuma tana saurin zuza. Ga tsohuwar waya, cire mai kyau ta fi kwafi, muddin an gwada ta a gabanka kuma ba daga wayar da ta sha ruwa aka ciro ta ba. Ka je da cikakkiyar lambar samfurin, ba suna kawai ba, domin wayoyin Tecno ko Infinix masu suna kusan ɗaya sukan bambanta a siffar ringa.

Abu biyu ake yawan mantawa da su. Na farko, zoben soso ko robar da ke zagaye bakin sifika. In ba a mayar da shi daidai ba, iska tana zurarewa, sabuwar sifika ta yi sauti kamar cikin gwangwani. Na biyu, raga: wasu sukan ɓare tsohuwar su yar, sauti ya fito da ƙarfi, mai waya ya tafi yana murna, bayan 'yan makonni ƙura ta cika fatar. Ka ce a sa sabuwa, kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Masu iPhone daga X zuwa 12 su yi hattara. Iyafis ɗinsu tana haɗe da fileks, wato siririn zirin wayoyin lantarki, mai ɗauke da wani ɓangare na Face ID, wanda aka ɗaure da injin wayar tun daga kamfani. In aka canza fileks ɗin gaba ɗaya a kasuwa, buɗe waya da fuska zai daina aiki. Mai gyaran da ya san aikinsa sifikar kaɗai yake cirewa da dalma, ya ɗora sabuwa a kan tsohon fileks. Ka tambaye shi yadda zai yi kafin ya kwance noti ko ɗaya.

In an sa sifika mai lafiya kuma har yanzu shiru, kada ka sayi ta biyu. A duba ƙafafun da ke taɓa allon injin wayar ko sun lanƙwashe ko sun yi tsatsa, da ƙaramin allon caji na ƙasa, da fileks ɗin da ke haɗa shi da babban allo. Wayar mai ramin iyafon kuma, a duba ko ba ta maƙale tana nuna alamar an jona shi ba, danshi a ramin yakan jawo haka. In duk waɗannan lafiya, saura ayisin sauti, wato ɗan ƙaramin sashen injin da ke sarrafa sauti, kuma canza shi aiki ne da ke buƙatar zafi a kan babban allo. A ƙaramar waya da ta kwana biyu, kuɗin wannan aikin da haɗarinsa sukan sa iyafon na waya ko na bulutut ya fi zama sayayya mai ma'ana, sai dai ka tuna ba zai maye maka ƙarar shigowar kira ba, dole ka kunna jijjiga.