Zuƙo rubutu ko yanke hoto: fassarar takardar garantin blanda

Na sayi blanda a Kantin Kwari, takardar garantinta da Sinanci, rubutun ƙanana kamar ƙwayar gero. Hanyoyi biyu na gwada a Google Translate.

Da farko na zuƙo rubutun da kyamara kai tsaye. Akwai sauri, amma zuƙowar yawancin wayoyinmu faɗaɗa hoto ce kawai, ba ta ƙara kaifin rubutu. Hannu na ɗan rawa, fassarar sai ta riƙa sauyawa. Da zarar ka ga jimla ɗaya ta fito iri biyu, manhajar ba ta karanta daidai ba.

Yanke hoto ya fi ɗaukar lokaci, ni kuwa shi na zaɓa. Na shimfiɗa takardar kusa da taga, na danne lanƙwasar da cokali domin inuwarta tana cinye layi guda. Na ɗauka daga nesan taƙi ɗaya, inda kyamara ke kama rubutu tas, sannan na yanke sakin layi guda na shigar. Ginshiƙan rubutu suka daina cakuɗewa, sharaɗin ya fito: wata 12, ban da lalacewa sanadin hauhawar wuta. Lambobin dai na sake dubawa da idona, don 12 kan koma 17 a kan lanƙwasa.