Gargaɗi ga masu sa kaya a gwanjon intanet: damfarar tayin bogi da ake janyewa

Wannan gargaɗi ne ga duk wanda ke shirin sa kaya mai daraja a gwanjon intanet, musamman wanda aka ba shi shawarar ya fara da farashi kaɗan kuma kada ya sa iyakar da ba zai sallama ƙasa da ita ba. Shawarar tana da tushe, domin tayin farko mai sauƙi yakan jawo mutane, kuma idan mutane suka yi yawa sukan tura farashi sama da kansu. Sai dai akwai wasu 'yan damfara da irin wannan gwanjo suke nema, kuma ba sa buƙatar satar lambar sirrin kowa ko aiko da rasidin bogi. Da dokokin shafin gwanjon kansa suke amfani su karɓe kayan a kan abin da bai kai kashi goma cikin ɗari na darajarsa ba.

Kafin a gane dabarar, sai an san yadda tayi ke aiki a shafuka irin su eBay. Mai saye ba ya zama yana ƙara kuɗi kaɗan-kaɗan da hannunsa. Yana rubuta iyakar abin da zai iya biya ne, shafin ya ɓoye wannan adadi, ya riƙa taya masa gwargwadon abin da zai wuce abokin takararsa da ɗan ƙari kawai. Saboda haka farashin da ake gani a kan allo ba shi ne tayin mutumin da ke gaba ba, tayin na biyu ne da ɗan ƙari a kansa. Idan wani ya janye tayinsa, shafin yakan sake lissafi da tayin da suka rage, kamar wanda ya janye bai taɓa zuwa ba.

Mu ɗauki agogon hannu wanda irinsa ke sayuwa a kan kusan 95,000, a kowane irin kuɗi ake cinikin. Mai shi ya sa shi gwanjo na kwana 7, tayin farko 1,000, babu farashin sallamawa. A rana ta farko masu saye na gaskiya biyu suka taya, babbansu ya tsaya a 8,000, yana jiran ƙarshe ya ƙara. Sai ɗan damfara ya shigo da asusu uku. Da na farko, wanda shi ne asusunsa na ainihi mai tarihi mai kyau, ya sa 15,000. Bayan ɗan lokaci kaɗan ya sa 140,000 da asusu na biyu, ya sa 150,000 da na uku, nan take farashin da ke kan allo ya haura 140,000. Dole ne asusun bogin su zama biyu, domin da ɗaya ne kawai, allo zai nuna 15,500 ne, masu saye na gaskiya kuma su ci gaba da tayi.

Daga wannan lokaci gwanjon ya mutu, ko da yake mai agogo yana ganin kakarsa ta yanke saƙa. Duk wanda ya san darajar agogon kuma yake shirye ya biya 90,000 zai ga farashi ya wuce hankali, ya juya ya nemi wani, kuma shafin ma ba zai karɓi tayin da bai kai abin da ke kan allo ba. Kwanaki biyar ko shida suna wucewa babu sabon tayi ko ɗaya. Gab da rufewa sai asusun bogin biyu su janye, da hujjar cewa an yi kuskure wajen rubuta adadi. Asusun farko ya koma gaba, kuma ba 15,000 ɗin ma zai biya ba, 8,500 zai biya, tunda abin da ake bukata shi ne ya wuce mai 8,000 da ɗan ƙari. Bisa ƙa'idar shafin ciniki ya faɗa, mai agogo kuma idan ya ƙi miƙa kaya shi ne za a ɗauka ya saɓa alkawari.

Shafuka sun san wannan dabara, shi ya sa suka taƙaita janye tayi. A eBay, idan ƙasa da awa 12 ta rage a rufe, mutum ba ya iya janye tayi sai wanda ya yi a cikin awa ɗaya da ta wuce. Wannan ya rage ɓarnar amma bai kawar da ita ba, domin ɗan damfara yakan janye kafin a shiga awa 12 ɗin, ya dogara da cewa waɗanda suka juya baya ba za su dawo ba. Wani kuma ba ya janyewa sam. Yakan bar asusun bogi ya ci gwanjon, ya ƙi biya, sannan bayan kwana biyu ya rubuto da asusunsa na ainihi cikin ladabi, yana cewa ya lura cinikin bai kammalu ba, shi kuwa a shirye yake ya biya nan take. Mai kayan da ya riga ya gaji, ya kuma ci burin kuɗin da bai zo ba, yakan sallama a kan abin da ba zai saurara ba a ranar farko.

Maganin da ke rage ribar wannan damfara shi ne farashin sallamawa, wanda ake rubutawa `Reserve price` a kan allo. Adadi ne da mai kaya ke sawa a ɓoye, kuma idan tayi mafi girma bai kai shi ba a lokacin rufewa, babu wajibcin sayarwa a kansa. Da mai agogon ya sa 78,000, janyewar asusun bogin za ta mayar da gwanjon ƙasa da wannan iyaka, agogo ya zauna a hannunsa, ɗan damfara ya tashi a tutar babu. Wata hanyar ita ce a sa tayin farko ya zama shi ne iyakar, wato a fara daga 78,000 a fili, kowa ya gani.

Zaɓi tsakanin hanyoyin biyu yana buƙatar tunani, domin kowace tana da tsadarta. Shafuka da yawa suna karɓar kuɗi na daban a kan ɓoyayyen farashin sallamawa, ko kaya ya sayu ko bai sayu ba, kuma wasu masu saye ba sa son taya abin da ba su san inda iyakarsa take ba. Masu bincike biyu, Rama Katkar da David Reiley, sun gwada wannan a eBay da katunan Pokémon, suka sayar da rabi da iyaka ta fili, rabi da iyaka ta ɓoye a kan adadi ɗaya, suka tarar ɓoyayyar iyaka ta rage yiwuwar sayarwa da kuma kuɗin da aka samu. Amma ƙananan kaya ne suka gwada. A ganina, kayan da farashinsa sananne ne a kasuwa ya fi dacewa da tayin farko na fili kusa da iyakar mai shi, kayan da kuwa ba kasafai ake samun irinsa ba, wanda ake fatan takara ta ɗaga shi, shi ne ya cancanci tayin farko mai sauƙi tare da ɓoyayyar iyaka. Abin da bai dace da kaya mai daraja ba shi ne a rasa duka biyun.

Adadin kansa ba daga abin da mai kaya ya saya ko abin da yake fata ake ciro shi ba. Daga cinikin da aka riga aka kammala ake ciro shi, ba daga farashin da wasu suka liƙa wa kayansu suna jiran mai saye ba. A ce agogo biyar irin wannan, masu lafiya ɗaya da takardu ɗaya, sun sayu a kan 82,000, 90,000, 95,000, 104,000 da 118,000. Iyakar ya kamata ta zauna ƙasa da mafi ƙanƙantarsu kaɗan, kamar yadda manyan gidajen gwanjo ba sa sa iyaka sama da ƙaramin ƙiyasin da suka buga. Sannan a lissafa la'ada. Idan shafin yana cire kashi 10 cikin 100, mai agogo kuma ba zai yarda ya riƙe ƙasa da 70,000 ba, sai a raba 70,000 da 0.9, a samu kusan 77,800, a cike shi ya zama 78,000. Tayin farko a irin wannan hali zai iya zama 25,000 ko 30,000, adadin da ba zai kori mai saye na gaskiya ba amma zai rage masu wasa.

Wajibi ne mai kaya ya sa iyakar da zai iya rayuwa da ita idan a kanta aka rufe, saboda iyakar ba ta hana damfarar gaba ɗaya, asarar kawai take taƙaitawa. Ɗan damfarar da ya san iyakar 78,000 ce zai sa asusunsa na ainihi a daidai wannan adadi, ya rufa shi da tayin bogi kamar dā, ya ɗauki agogon 95,000 da ragin 17,000. Don haka wanda ya rubuto a ranar farko yana tambayar nawa ne iyakar, ko yana lallashin a cire ta wai don tana korar mutane, bai kamata a ba shi amsar da ta wuce cewa ya taya abin da ya ga ya dace ba.

Alamomin suna bayyana a tarihin tayi ga wanda ya duba shi kullum maimakon ya tsaya kallon babban adadi yana murna. Farashi ya yi tsalle ya wuce darajar kasuwa tun kwanaki na farko, alhali masu saye na gaskiya sun fi ɓoye ƙarfinsu sai mintunan ƙarshe. Manyan tayin biyu sun zo a jere cikin mintuna kaɗan daga sababbin asusu marasa tarihin ciniki, ko masu yawan janye tayi, kuma gab da su akwai wani ƙaramin tayi daga asusu mai tsabta. Idan aka ga haka, kada a jira. A soke tayin asusun biyu, a toshe su, a kai rahoto ga shafin, a ɗauki hoton tarihin tayin, kuma idan kwanakin da suka rage ba za su isa masu saye su dawo ba, a rufe gwanjon tun dokar shafin tana ba da dama, a sake sa shi da iyaka.

Akwai kuma masu zuwa da sunan taimako, su ce wa mai kaya ba ya buƙatar biyan kuɗin iyaka, su za su riƙa taya masa da asusunsu har farashi ya kai inda yake so. Wannan ma damfara ce, sai dai a nan mai kaya ne ya zama mai laifi. Shafukan gwanjo suna rufe asusu a kanta, kuma ta kai mutane kotu. A shekarar 2000 an tura tayin wani zane da aka nuna kamar na mai zanen nan ɗan Amurka Richard Diebenkorn ne har dala 135,805 a eBay, tare da tayin bogi daga masu sayarwar da abokansu, aka soke cinikin, a 2001 kuma hukumomin tarayyar Amurka suka gurfanar da mutum uku a kan lamarin.