Siris ko faralel: bi waya da yatsa

"Don Allah 'yan'uwa, in an ba ni zanen da'irar lantarki, yaya zan gane siris ne ko faralel? Ina da fomula a ka, amma karant da boltej kullum sai su cakuɗe mini."

Ɗan'uwa, kada ka yanke hukunci da yadda aka jera rezistoci a takarda, domin mai zane yana iya lanƙwasa waya yadda ya ga dama. Ɗora yatsanka a kan batir, ka bi wayar. In ka fito daga rezista ta farko ka faɗa ta biyu ba tare da hanya ta rabu a tsakaninsu ba, siris ne. In kuwa ka iso mararraba, hanya ta rabu, kowace rezista ta kama reshenta, sannan rassan suka sake haɗuwa a wuri guda, faralel ne. Sharaɗin faralel shi ne bakunan biyu duka su haɗu. Haɗuwar baki ɗaya ba ta isa ba.

Daga nan sauran ke fitowa. A siris hanya ɗaya ce, saboda haka karant ɗaya ke ratsa kowa, boltej ne ake rabawa. A faralel kowace rezista tana tsakanin mahaɗa biyu iri ɗaya, don haka boltej ɗinsu ɗaya, karant ne ke rabuwa.

Mu gwada da batir mai 12 V, da rezistoci biyu, 4 Ω da 12 Ω.

A siris sai ka tara su, ka sami 16 Ω. Da I = V/R, karant ya zama 12/16, wato 0.75 A. Yanzu V = IR ga kowacce: ƙaramar ta ɗauki 3 V, babbar ta ɗauki 9 V. Haɗa su, 12 V ɗin batir ya dawo cif. A nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, su ɗora 12 V gaba ɗaya a kan 4 Ω su sami 3 A, alhali rabonta 3 V ne kacal.

A faralel kuwa kowacce na samun 12 V cikakke. Ƙaramar ta ja 3 A, babbar 1 A, batir ya fitar da 4 A. Ni na fi son wannan hanya, domin tana nuna maka abin da ke gudana a kowane reshe. In ka bi ta fomula, 1/R = 1/4 + 1/12 = 1/3, kada ka manta ka juya amsar: R ya zama 3 Ω.

Lura cewa 3 Ω bai kai ko ƙaramar rezistar ba. Haka yake koyaushe a faralel, tunda ƙarin reshe ƙarin hanya ne ga karant. In lissafinka ya ba ka abin da ya haura 4 Ω a wannan zanen, to akwai kuskure, koma ka sake duba.