Jakobiyan ko V na Lyapunov, wanne zan kama?

"Yan uwa don Allah, tunda zan iya fitar da Jakobiyan in duba aigenbalu, meye kuma amfanin wahalar neman V na Lyapunov?"

Malam, duka hanyoyin biyu na gane ko sistem zai dawo wurin daidaitonsa ai daga hannun mutum ɗaya suka fito, Aleksandr Lyapunov, a aikin digirinsa na 1892. Bambancinsu shi ne inda kowacce take tsayawa.

Ta Jakobiyan ba kai-kawo. Ka miƙar da sistem ɗin a wurin daidaito, in duk aigenbalu ɓangarensu na zahiri na ƙasa da sifili to sistem zai dawo ya zauna, in ko ɗaya ya haura sifili zai ɓalle. Shikenan. Amma in ɗaya ya faɗo daidai kan sifili sauran kuma ba wanda ya haura, hanyar ta yi shiru kenan, ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba.

Gwada wannan:

```
x' =  y - x^3
y' = -x - y^3
```

A (0,0) aigenbalu ɗin ±i ne, ɓangarensu na zahiri sifili kenan, to nan Jakobiyan ya ajiye ka. Yanzu ɗauki V = x² + y², sifili ce a tsakiya, ko'ina kuma sama take da sifili, kamar kwano. Sai ka bi canjinta a kan tafiyar sistem ɗin: V' = 2x(y − x³) + 2y(−x − y³). 2xy da −2xy suka cinye juna, saura V' = −2(x⁴ + y⁴). Kullum raguwa take sai an kai (0,0), wato dole sistem ya gangaro gindin kwanon, kuma ba mu warware ikweshan ɗin ba ko kaɗan. Tunda V ɗin nan tana girma ba iyaka in aka yi nisa, daga ko'ina aka fara can za a ƙare, abin da Jakobiyan ba zai taɓa faɗa maka ba don shi kusa da wurin kawai yake gani.

Abin da ni ya fi burge ni, mayar da −x³ da −y³ su zama +x³ da +y³. Jakobiyan bai canza ba ko ɗigo, ±i ɗin nan dai, amma V' ta koma +2(x⁴ + y⁴), sistem na ta kewayawa yana ficewa waje.

Wahalar V kuwa gaskiyarka ne, ba wata dabara guda da ke ba ka ita kullum, in sistem na inji ne fara da makamashinsa, in ba haka ba gwada jimlar sukwaya. Kuma nan ake yawan zamewa: in V ɗinka ta ƙi, ba ka nuna sistem ɗin zai ɓalle ba fa, V ɗin ce kawai ba ta dace ba. Haka in V' ≤ 0 kaɗai ka samu, kamar fendulam mai gogayya inda V' ke zama sifili duk sanda gudu ya tsaya, abin da ka nuna shi ne ba zai yi nisa ba, kafin ka ce zai dawo ya tsaya sai ka ƙara da ƙa'idar LaSalle, wato ka nuna in ban da wurin daidaito sistem ba zai iya dawwama a inda V' take sifili ba.

Ni dai Jakobiyan nake fara dubawa, in na ga sifili ko ina son sanin faɗin yankin da ake dawowa daga cikinsa sai in koma neman V.