NaCl ko AgCl: guraben Schottky da kutsen Frenkel, wanne ya fi ɗaukar lantarki?

"Assalamu alaikum. Zan yi aikin bincike kan yadda ayon ke ɗaukar lantarki a cikin kiristal, tanderun ɗakin gwajinmu kuma bai wuce digiri 400 ba. In sayi NaCl mai naƙasun Schottky ne, ko AgCl mai na Frenkel? Mene ne ainihin bambancinsu?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sayi AgCl.

Ina da faifan AgCl da na matse da hannuna, yana nan a naɗe cikin baƙar takarda, kuma duk ɗalibin da na ɗora wa shi ya sami sakamako mai kyau. Ana shafa masa azurfa a fuskoki biyu, a sa a tanderu, kafin zafi ya kai digiri 200 mita ta fara ba da lamba mai natsuwa, daga nan kuma lambar hawa take yi kamar an zana. Hodar ma ba ta wahalar da mutum, don AgCl taushi gare shi, da ka matse shi sai ya haɗe ya zama faifai ɗaya babu tsagewa. Kiristal ɗin NaCl da na taɓa saya kuwa yana cikin kwalba da abin tsotse danshi, ba laifinsa ba ne, amma a irin zafin da kake da shi bai ba ni komai ba sai labarin dattin da ke cikinsa.

Dalilin yana cikin yadda kowannensu ke samun naƙasunsa. A NaCl, ayon sodiyam da na kulorin duk sun fi ƙarfin ɗan lungun da ke tsakanin layuka, shiga can tsada gare shi ƙwarai. Don haka idan zafi ya girgiza kiristal, sai Na⁺ ɗaya da Cl⁻ ɗaya su bar mazauninsu, a ƙarshe su koma kan fuskar kiristal, a bar gurabe biyu babu kowa. Dole su zama biyu, ɗaya na kowane caji, in ba haka ba kiristal zai tashi da cajin da ya rinjaya. Wannan shi ne naƙasun Schottky, kuma KCl da KBr haka suke. A AgCl kuwa, duk da tsarin jerinsa iri ɗaya ne da na NaCl, ayon azurfa yana iya lanƙwasa gajimaren ilektiron ɗinsa, ya kuma ɗan yi tarayya da kulorin ɗin da ke kewaye da shi, saboda haka zaman lungu bai yi masa tsada ba. Sai ya tashi daga mazauninsa ya kutsa lungu, ya bar gurbi a baya. Babu abin da ya fita daga cikin kiristal ɗin. Yakov Frenkel ne ya bayyana wannan a 1926, Walter Schottky da Carl Wagner kuma suka shimfiɗa lissafin naƙasun a 1930.

Abin da littattafai suka fi nanatawa shi ne Schottky yana rage nauyin kiristal idan an gwada da girmansa, Frenkel kuwa kusan ba ya taɓa shi. Gaskiya ne, amma kada ka gina aikinka a kai, ragin ya yi ƙanƙanta da sikelin ɗakin gwaji zai gani.

Wucewar lantarki ta ayon abu biyu take bi: yawan naƙasun da ke nan, da sauƙin tsallaken kowannensu. Dukansu zafi ne ke juya su.

```
n/N ≈ exp(−Ef / 2kT)
σT ∝ exp(−(Ef/2 + Em) / kT)
```

Ef shi ne makamashin da ake kashewa a samar da naƙasu biyun, an raba shi biyu ne saboda tare suke fitowa. Em shi ne na tsallake ɗaya, dukansu kuma da eV ake auna su. n/N shi ne yawan naƙasu cikin mazauni, σ wucewar lantarki, T zafi a ma'aunin Kelvin, k kuma lambar Boltzmann. Mu ɗauki 600 K, wato wajen digiri 327, inda tanderunka zai kai cikin sauƙi. A nan kT ya kai kusan 0.052 eV.

A NaCl, Ef yana wajen 2.3 eV. Rabinsa 1.15, ka raba da kT ka sami kusan 22, wanda ke nufin gurbi kamar biyu cikin mazauni biliyan goma. Gurbin sodiyam ne ya fi motsi, Em ɗinsa wajen 0.7 eV, wanda ya ba da damar tsallake kusan ɗaya cikin miliyan a kowane yunƙuri. Gurbin kulorin ya fi shi nauyin jiki, sai kusa da narkewa yake ba da gudummawa ta a zo a gani. A AgCl, Ef yana wajen 1.4 eV, rabinsa 0.7, sai ka sami naƙasu kusan ɗaya cikin mazauni miliyan. Tun a nan an riga an bar NaCl a baya da ninki dubbai. Wannan lissafi na gaggawa ne, na bar ɓangaren entirofi wanda ke ɗaga lambobin duka biyu, amma tazarar ba ta rufewa.

Inda abin ya fi burge ni shi ne tsallaken azurfar da ke lungu. Mutum zai ɗauka daga lungu take tsallakawa zuwa lungu na gaba, ta matse tsakanin manyan ayon kulorin. Ba haka ta fi yi ba. Tana tura azurfar da ke zaune a mazauninta na kusa, ta maye gurbinta, waccan kuma ta faɗa lungun da ke gabanta a kan layi ɗaya, kamar mai zama a bakin cikakken benci ya sa na kusa da shi zamewa gaba. Kowace ta yi ɗan gajeren taku, amma cajin ya yi tafiyar taku biyu. Kuɗin wannan turawar bai wuce wajen 0.1 eV ba, wato a 600 K fiye da yunƙuri ɗaya cikin goma yana cin nasara. Haɗa yawan naƙasu da wannan sauƙin, sai ka ga AgCl ya fi tsarkakken NaCl ɗaukar lantarki da ninki miliyoyi a zafi ɗaya. NaCl sai ya kusanci narkewarsa a digiri 801 yake kai wajen 10⁻³ S/cm. AgCl yana narkewa a 455, don haka digiri 400 ɗinka ya kai shi yankin da yake kan ganiyarsa.

Ga kuma matsalar da ta sa na ce NaCl zai ba ka labarin datti. Duk Ca²⁺ ɗaya da ya shiga mazaunin Na⁺ yana zuwa da ƙarin caji, sai kiristal ya biya da gurbin sodiyam ɗaya. Ko da kalsiyam goma ne cikin miliyan, guraben da ya haifar sun ninka waɗanda zafi ya samar a 600 K sau ɗaruruwa ko dubbai. Idan ka zana log(σT) a kan 1/T, layin NaCl yana da gwiwa: a ɓangaren zafi mai yawa gangaren ya ba da Ef/2 + Em, wajen 1.85 eV, a ƙasan gwiwar kuma Em kaɗai, wajen 0.7. Da tanderunka, ƙasan gwiwar kawai za ka gani, ba za ka taɓa fitar da Ef ba. In zafi ya ƙara sauka ma gangaren ya sake tsananta, don guraben suna manne wa kalsiyam ɗin da ya haife su.

Wannan dattin kuwa, in ka zuba shi da gangan, shi ne gwajin da ya fi kowane raba naƙasun biyu, kuma shi nake so ka mayar zuciyar aikinka. Zuba ɗan CaCl₂ a NaCl, wucewar lantarki hawa kawai za ta yi, tunda gurabe ne ke ɗaukar kayan kuma ka ƙara su. Zuba ɗan CdCl₂ a AgCl, sai ta fara sauka tukuna, sannan ta juyo ta hau. Dalili shi ne a zafi ɗaya, yawan gurabe idan aka ninka da yawan azurfar lungu lamba ɗaya yake bayarwa kullum. Ka ƙara gurabe, azurfar lungu ta riƙa faɗawa cikinsu ta ragu. Ga misali da lambobin da na zaɓa don sauƙi: a ce ta lungu ta fi gurbi sauri sau goma, kuma a tsarkakken faifai kowanne ɗaya ne. Jimilla 10 da 1, wato 11. Kadmiyam ya kai gurabe 3, ta lungu ta koma kashi ɗaya bisa uku, jimilla 3 da 3.3, wato 6.3. An sauka. Ya kai gurabe 20, ta lungu ta kusa ƙarewa, jimilla 20.5. An hau, yanzu gurabe ne ke aikin. Daga zurfin wannan kwarin za ka iya fitar da yadda saurin biyun ya bambanta, kuma ganin kwarin kansa hujja ce cewa akwai mai ɗaukar caji na biyu da ya fi gurbi sauri. Faifai huɗu ko biyar masu kadmiyam daban-daban sun isa. Sai dai gishirin kadmiyam guba ne, sa safar hannu da takunkumi, kada ka niƙa shi a fili.

Kada dai ka fita da cewa duk inda aka ce Frenkel to lantarki ya samu. CaF₂ ma Frenkel ne, a can fulorin ne ke shiga lungu, amma Ef ɗinsa ya kusa 2.7 eV, don haka a zafinka ba shi da wani kuzari. Lambobin Ef da Em ne ke yanke hukunci. Waɗanda suka yi fice ma sun wuce wannan rabon: AgI sama da digiri 147 yana sauya tsari, azurfar ta rasa tsayayyen mazauni, ya haura 1 S/cm.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da sinadarai. Akwai masu manna 99.99% a jikin roba su cika ta da abin da suka ga dama. Nemi takardar binciken sinadarin mai ɗauke da lambar rukunin da aka buga a jikin kwalbar, ka duba adadin ƙarafa masu caji biyu, irin su kalsiyam, gubar dalma, tagulla da kadmiyam, don su ne ke ɓata maka gwaji. Wanda ya ce takardar ta ɓata, bar masa kayansa. AgCl na kirki fari ne tas. In ka ga ya yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi, haske ya riga ya fara mayar da shi azurfa, kuma mai sayar da shi a farar kwalba bai san abin da yake riƙe da shi ba.

Wajen awo, yi amfani da lantarki mai kai-da-komo, ka gwada a saurin kai-da-komo daban-daban, domin mai tafiya hanya ɗaya yana tara ayon a bakin ilektirod, lambar ta yi ta zamewa, har zaren azurfa ya iya tsirowa ya haɗe fuskokin biyu. Ka auna yayin hawan zafi da yayin saukarsa. In layukan biyu ba su hau kan juna ba, ko faifan bai gama haɗewa ba ko kuma danshi ne ke bin samansa, sai ka gasa shi na 'yan awanni a wajen digiri 300 cikin duhu ka sake awon.